Kalmomin da Na Cire Daga Labarin Kawu

Ranar Talata editar makarantarmu ta koyon kasuwanci ta kira ni ofishinta. Rubutuna na kan teburinta, shafi goma sha ɗaya, duk ta bi shi da jan biro. Nazarin kamfani ne, irin wanda muke ba ɗalibai su karanta, su ɗauka su ne shugaban, su yanke shawara. Nawa a kan wata masana'antar kujeru ne, da shekarar da mai ita ya rufe sashen katako ya koma roba.

"Malama, wannan ai talla ce," in ji ta. "'Gwarzon shugaba mai hangen nesa.' 'Kujerun da babu kamarsu a kasuwa.' Wa ya auna? In kin riga kin gaya wa ɗalibi mutumin gwarzo ne, a kan me zai yi gardama?"

Na murza zobena. Can na ce, "Mai kamfanin kawuna ne. A hannunsa na tashi."

Ta cire tabarau ta dube ni, ta daɗe. "Da tun farko kika faɗa. Za mu rubuta hakan a ƙasan shafin farko, kuma wani malamin zai sake dubawa. Je ki gyara."

Kwana uku na yi a kai. Inda na rubuta "gagarumar nasara" na sa adadin kujerun da aka sayar kafin canjin da bayansa. Maganar cewa robarsu ta fi ta kowa ƙarko, wadda na kwafo daga takardar tallarsu, na mayar da ita bakin manajan sayarwa, tunda shi ya faɗa. Shafin ƙarshe da ke nuna yadda abin ya kaya na ɗauke, na kai shi cikin jagorar malami, don ɗalibai su yanke hukunci da kansu.

Abin da ya fi damuna hirar tsohon shugaban kafintoci ce. Na ɗauki muryarsa awa guda, amma ban sa ko kalma ɗaya ba. Ya ce mutum arba'in aka sallama, kuma da an saurare shi da an riƙe sassan biyu. Ina sake sauraro na ji kunya ta rufe ni. Mutumin nan shi ya ƙera mini teburin karatuna na farko. Na ba shi sakin layi biyu.

Ba a koyar da irin wannan nazari sai kamfani ya sa hannu. Na je gidan Kawu, na tarar da shi a falo, sandarsa jingine da kujera. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai ƙara zuwa masana'anta ba. Inna, matarsa, ta tare ni da dariya.

"Ga marubuciya! Kawunki ya ishe mu da takardar nan taki. Duk wanda ya zo gaisuwa sai an karanta masa, har mai gyaran famfo bai tsira ba."

Tsohon rubutun take nufi, wanda na ba shi tun kafin edita ta gani. Na miƙa masa sabon. Ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa. Da ya kai maganar kafinta ya tsaya.

"Ke kika je wurinsa?"

"Ni ce, Kawu."

"Yana nan lafiya?"

"Lafiya lau. Ya ce a gaishe ka." Wannan ƙarya na yi.

Ya juya shafukan ya koma farko. "'Yar nan, na ga kin sauke ni daga gwarzo. Wani laifin na yi?"

"Ba ka yi komai ba. Ƙa'idar aikin ce. Ba a yabo, ba a kushe."

"To, ai ke kika san aikinki." Ya sa hannu da hagu, rubutun ya karkace. Sai ya ce Inna ta kunna masa rediyo.

Bayan wata biyu na koyar da nazarin. Ban taɓa ganin aji ya yi zafi haka ba. Wata ɗaliba ta ce shugaban ya ceci kamfani, wani ya ce gaggawa ce kawai da rashin sauraro. Da na ce a ɗaga hannu, sha tara cikin talatin suka ce ya yi kuskure. Na rubuta hujjojinsu a allo da hannuna, ɗaya bayan ɗaya. Edita, da ta zauna a baya, ta ce mini aiki ya yi kyau.

Ina tattara takarduna wayata ta yi ƙara. Kawu ne.

"An yi karatun namu?"

"An yi, Kawu."

"Me suka ce?"

"Sun yi ta gardama, har lokaci ya ƙare ba su sani ba."

Ya yi dariya, da alama ya ji daɗi. Ya tambaya ko zan zo ƙarshen mako, na ce zan zo. Adadin hannuwan dai ban gaya masa ba, shi ma bai tambaya ba.