Hirar Abban Najeeba Ta Dawo

Ranar da na fita takaba na goge hirarmu da Abban Najeeba daga wayata. Duk lokacin da na buɗe saƙonni don amsa wa masu ɗinki, sai idona ya faɗa kan sunansa, aikin ya tsaya. Ga yarinya tana kallon fuskata. Na goge, na koma kan keken ɗinki.

Bana Najeeba ta shiga shekara huɗu, ta matsa mini da son kallon katun. Na tono tsohon tab ɗinmu, wayar nan mai faɗin allo, daga ƙasan akwati, inda na ajiye shi tun kafin Abbanta ya kwanta ciwo. Na yi masa caji, na haɗa shi da data. Ya tambaye ni ko zan kunna ajiyar saƙonni a intanet, na danna "to" ban tsaya tunani ba.

Washegari da hantsi ina gangarawa ƙasa cikin saƙonnin wayata, ina neman awon wata mata 'yar unguwar Federal Low-Cost, sai ga sunansa. Na zauna a bakin gado. Ba kowa a gidan, Najeeba tana makaranta, 'yan'uwana duk suna Maiduguri.

Na tsallaka titi zuwa shagon Debby mai gyaran waya. Ta karɓi tab ɗin ta dudduba.

"Maman Najeeba, ba aljani ba ne, saki fuska. Asusu ɗaya ne a wayarki da tab, saƙo yana shiga duka biyun. Da kika goge, ya fita daga waya da ma'ajiyar intanet. Wannan kuwa yana akwati, ajiyarsa a kashe, bai san an goge ba. Jiya da kika kunna, ya tura abin da ke cikinsa can, wayarki ta ɗauko."

"Ni so nake in share tab ɗin kafin in ba yarinya."

"To ki sani, yanzu a haɗe suke. Kika goge a ɗaya, ya tafi ko'ina. Babu wani akwatin kuma."

A gida na buɗe hirar. Ta tsaya ne daidai ranar da tab ɗin ya shiga akwati. Babu asibiti a ciki, babu sunan magani. Na ƙarshe saƙon murya ne, da ƙarar motoci a bayansa: "Falmata, ina tasha. Kada ki dafa da ni, na ci. Ki ce wa Hajiya ƙarama ta daina cinye mini silifas."

Na kashe ajiyar tab ɗin, na duba hirar tana nan, na naɗe shi a zane na mayar ƙasan akwati. Katun ya jira.

Da Najeeba ta dawo daga makaranta na cire mata takalmi, na zuba mata abinci, sannan na kunna saƙon a wayata. Ta tsaya da cokali a hannu.

"Mama, wane ne?"

"Ci abincinki tukuna," na ce. Na sake kunnawa.