Dokar Cire Ladan

Jan Biro ake ce masa, don shekarun da ya yi yana koyarwa ba a taɓa miƙa masa takarda ya mayar da ita babu jan layi ba, ko da katin gayyata ne. Da ya yi ritaya sai aka ba shi sakataren kwamitin masallacin unguwa, kowa ya ce an dace. Shi ma haka ya gani, kuma bai ɓoye ba.

Da aka sabunta ginin masallacin, aka ce sai an yi masa rajista, rajista kuma sai da rubutacciyar doka: yadda ake zaɓen liman da na'ibi da ladan da ma'aji, tsawon wa'adinsu, da yadda ake sauke su. Shugaban kwamiti, wani mai sayar da kayan gini da ake kira Mai Siminti, ya samo daftari daga wajen lauyansa. Suka zauna su bakwai a ɗakin ajiya na bayan masallaci, tsakanin naɗaɗɗun dardumai da butocin da hannunsu ya karye, fanka na juyawa tana ƙara kamar tsohon keken ɗinki. Aka karanta shafi biyu. Tela ya yi hamma, Direba ya ce shi dai ya ji sunan masallaci a ciki, sauran kuwa Allah ne masani.

Jan Biro ya karɓi takardar. Layi ɗaya ne ya tsaya masa a wuya, inda aka ce kwamiti na iya sauke kowane ma'aikaci bisa duk wani dalili da ya ga ya dace da maslaha.

Ya san wanda wannan layin zai fara ci. Ladanin masallacin yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya bar makaranta ya kama dako don shi ƙanen ya yi karatu. Tun masallacin yana rumfar kwano yake kiran salla. Makullin ƙofa na rataye a wuyansa da igiya, shi ke buɗewa, shi ke rufewa, shi ke sanin wace darduma ce ruwa ya taɓa. Amma ido ya fara gudunsa, kuma tun da aka sa sabuwar lasifika Mai Siminti yake cewa muryar tsoho ba ta dace da irin wannan gini ba. Yana da wani mai kula masa da sito, mai zaƙin murya, da yake so ya ɗora.

"Ranka ya daɗe, wannan ba doka ba ce," in ji Jan Biro. "Dokar masallaci sai wadda mai facin taya zai ji ya gane. A ba ni, in rubuta ta da maganar mutane."

"To ai shi ya sa muka ajiye ka, Malam," in ji Mai Siminti, yana murmushi.

Ya kwana biyu a kan aikin, kuma gaskiya ya yi aiki mai kyau. Ya rubuta cewa in gurbi ya samu za a sanar bayan salla, duk mai so ko wanda aka gabatar ya kawo sunansa, liman ya gwada karatunsa, kwamiti ya zaɓa, a faɗa wa jama'a. Ya rubuta wa'adin shekara uku, ana iya sabuntawa, waɗanda ke kan aiki kuma wa'adinsu zai fara daga ranar da aka amince da dokar. Da ya zo kan saukewa ya share layin lauya da jan biro har takardar ta huje. A madadinsa ya sa dalilai biyu kacal: cin amana, da barin aiki babu uzuri. Ya ƙara cewa ba a sauke mutum sai an kawo ƙorafi a rubuce, an kira shi an ji ta bakinsa, sannan kashi biyu cikin uku sun yarda.

A zama na gaba aka bi ta layi-layi. Ma'aji ya ce 'yan kwamiti 'yan kasuwa ne, kullum wani ya yi tafiya, in aka ce sai kowa na nan ba za a taɓa yanke komai ba. Jan Biro ya ga gaskiyarsa, ya rubuta kashi biyu cikin uku na waɗanda suka zauna. Mai Siminti ya ce, "Malam, in mutum bai ci amana ba, bai gudu ba, amma ya kasa fa? A ce liman ya kwanta ciwo shekara guda, Allah ya kiyaye." Kowa ya ce amin. A zuci Jan Biro ya ƙirga: su bakwai ne, saukewa sai mutum biyar, shi da Tela da Direba kuwa ko da wuƙa a wuya ba za su ɗaga hannu a kan Yaya ba. Sai ya rubuta dalili na uku, idan rashin lafiya ko tsufa ya hana mutum yin aikin.

Sannan ya fito da abin da ya tanada wa Mai Siminti. Ya karanta da ƙarfi: "Duk ɗan kwamitin da ake maganar mahaifinsa, ko ɗansa, ko wansa, ko ƙanensa, ko surukinsa, zai tashi ya fita. Ba zai yi magana ba, ba zai kaɗa ƙuri'a ba." An daɗe ana raɗe-raɗin Mai Siminti na son kawo surukinsa na'ibi, shi kuwa Jan Biro murnar toshe wannan ƙofa ta rufe masa ido. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kamo kuskuren 'ya'yan mutane bai ga cewa shi ma yana da wa a cikin masallacin ba.

"Madalla," in ji Mai Siminti. "Wannan kam adalci ne. Kar a taɓa ko wasali."

Aka karanta wa jama'a dokar bayan sallar La'asar. Ladan na zaune a sahun gaba kusa da akwatin lasifika, yana gyaɗa kai. Da aka watse ya kama hannun ƙanensa a bakin ƙofa, inda ake laluben takalma.

"Kai, ƙanena, yau na ci ribar dakon da na yi. Ni da ban san bihim ba, babu kalmar da ta wuce ni."

Jan Biro ya tafi gida ransa fari tas.

Ba a yi nisa ba Ladan ya dubi agogon bango, ya ɗauki gajeren hannu a matsayin dogo, ya kira Azahar lokaci bai yi ba. Wasu tsofaffi a gida suka yi salla, sai da aka aika musu su sake. A da irin wannan ba ta zama magana. Liman zai ja shi gefe, a sa wani ya riƙa duba masa lokaci, in murya ta gaza a samo mai taya shi, makulli kuwa yana wuyansa har ranar da za a ɗauke shi. Babu wanda ya taɓa sauke ladan a masallacin nan, don babu wanda ya san ta inda ake farawa, kuma babu mai son a ce shi ya fara. Yanzu kuwa hanya na nan a rubuce, ko yaro zai iya binta.

Ƙorafi ya zo a rubuce, yadda doka ta ce. Sakatare ne ke rubuta takardar kira, don haka Jan Biro ya rubuta wa yayansa da hannunsa, ya kai masa gida, ya karanta masa a tsakar gida matar Yaya na shanya tana ji.

"Yaya, kada ka damu. An sa wannan ne don a ji ta bakinka. Kariya ce."

"Su wa za su ji ta bakina?" in ji Ladan. "Ma'aji? Ni na yi masa kiran salla a kunne ranar da aka haife shi."

Ranar zaman ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Aka ba shi kujerar roba a tsakiyar ɗakin ajiya, ɗakin da shi ke share shi. Jan Biro ya buɗe littafin taro ya cire murfin biro, sai Mai Siminti ya yi gyaran murya.

"Malam, kafin mu fara, a karanta mana sashen 'yan'uwa."

Ba sai ya karanta ba, ya haddace shi. Ya sake ƙirgawa, yanzu da idon da ya kamata ya ƙirga da shi tun farko: in ya fita saura shida, kashi biyu cikin uku na shida huɗu ne, kuma huɗun suna zaune suna kallon ƙasa. Tela ya ce ai a yi wa Malam uzuri, wannan daban ne. Mai Siminti ya buɗe hannuwa.

"Ni ba ni na rubuta ba. In ya ce akwai wata ma'ana a ciki da ba mu gane ba, ya faɗa mana."

Babu wata ma'ana. Da takardar lauya ce da an yi wata guda ana jayayya a kan abin da take nufi, har a gaji a bar maganar. Tasa kuwa ya wanke ta tas, bai bar ko lungu ɗaya da mutum zai laɓe ba. Ya miƙa wa Ma'aji littafin ya fita.

Ya zauna a kan dakalin alwala. Famfo ɗaya na ɗiga. Ta taga yana jin komai, don ɗakin ba shi da silin. Ya ji ana tambayar Yaya ko yana ganin agogo daga inda yake zaune, ya ce a faɗa masa wane bango. Ya ji an tambaye shi ko yana da abin cewa, ya ce babu. Takaici ya ishi Jan Biro, kuma ya rasa wanda zai ɗora wa. Mai Siminti bai yi ƙarya ba, bai tsallake layi ko ɗaya ba. Mai kula da siton nasa ma ba ɗansa ba ne, ba surukinsa ba, in an zo zaɓe yana zaune daram zai kaɗa ƙuri'arsa.

Ƙofa ta buɗe. Ladan ya fito yana laluben takalminsa da ƙafa, igiyar nan babu ita a wuyansa, sai farin layin da ta bari a fata. Jan Biro ya durƙusa ya jawo masa takalmin.

"Yaya, zan nemi a gyara dokar. Akwai sashen gyara, in aka kawo shawara a rubuce..."

"A'a, bar ta. Me za ka gyara?" Ya dafa kafaɗarsa don ya sa ƙafa. "Sun sake karanta mini wurin da ya shafe ni. Tsufa ya hana mutum yin aikin. Shekara biyu ke nan kowa na kewaye-kewaye, babu wanda ya iya faɗa mini. Ashe sai kai."

La'asar ta yi. A ciki wani ya kunna lasifika, ya buga ta da yatsa, ya tsaya yana neman inda ake ƙara murya. Ladan ya juya zai koma ya nuna masa, ya yi taku ɗaya, sai ya tuna. Ya zauna a kan dakalin kusa da ƙanensa, ya naɗe hannun riga.

"Miƙo mini buta," ya ce. "Ka duba mini agogonka kuma, ko lokaci ya yi da gaske."