Haƙoran Baba Suna Kan Hanya

Baba ya zo gidan 'yarsa Auta ya yi musu mako, ya koma gida, ya bar haƙoransa. Na sama ne, na roba, kuma ba ya tafiyar mota da su don suna gurje masa dasashi. Ya naɗe su a hankici da niyyar sa wa a aljihu, sai ya bar su a kan tagar banɗaki. Auta ce ta gan su da ta zo shara, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta kira shi.

"Baba, kun bar mana rabin bakinku."

"Ke dai bari," in ji shi, maganar tana fita da iska. "Na laluba aljihu a tasha, na ji wayam. Ki taimaka su iso kafin taron nan."

Taron na tsofaffin ɗalibansa ne. Ya yi rayuwarsa yana koyar da lissafi, yanzu yaran sun zama iyaye, wasu har da furfura, sun haɗu za su karrama shi, sun kuma ce shi zai yi jawabi. Tun da aka gaya masa yake gwada jawabin a kan Mama, har ta haddace shi.

"Wannan ai aikina ne, Baba," Auta ta ce. "Ku kwantar da hankalinku."

Kuma aikinta ne. A wani shagon kayan kicin take, mai sayarwa ta intanet, ita ke naɗe kaya ta miƙa wa kamfanin aike, ita kuma ke amsa wayar masu ƙorafi. Ba ranar da ba ta yi wa wani bayanin abin da shafin bibiya, mai nuna inda kaya suka kai, yake nufi. Ta sa haƙoran a 'yar roba mai murfi, ta cusa auduga, ta sa a ƙaramin kwali, ta buga takardar aike ta manna. Ta ajiye kwalin a ƙarƙashin teburinta don kada ya cuɗe da na shago kafin motar kamfani ta zo da yamma. Lambar bibiya kuwa nan take ta tura wa Baba da Yaya, babban wansu, wanda gidansa ke kusa da na iyayen.

Yammar nan shagon ya cika. An sauke sababbin tukwane, motar kamfani ta zo, aka yi ta loda kwalaye a gurguje, ta tafi.

Da Baba ya kira washegari, ya ce Yaya ya koya masa buɗe shafin, ya ga an rubuta "An buga takardar kaya". Ya tambaya ko hakan na nufin sun taso.

Auta ta san ma'anarsa sarai. Yana nufin an shigar da bayanin kaya an fitar da lamba, shi ke nan. Kamfani bai shaida cewa kwalin ya shiga hannunsa ba. Amma ta kuma san wani lokaci direba kan kwashi kaya bai haska lambar da na'urarsa ba, sai an isa sito shafin ya motsa. Da wannan ta kafa hujja.

"Sun ɗauka, Baba. Wani lokaci shafin ne ke makara."

A lokacin ta yarda da abin da ta faɗa. Shafin dai bai motsa ba. Kullum da safe Baba zai kira ya karanta mata layin nan guda kamar sabon labari, ita kuma ta ce a ƙara haƙuri. Mama ta karɓi wayar wata rana ta ce mutumin ya koma sai burodi jiƙaƙƙe a shayi, ko nama ta dafa sai dai ya tsotsa ya ajiye, kuma ya daina zama a ƙofar gida don kada maƙwabta su ja shi da hira.

Taro ya matso sosai ranar da biro ya faɗo mata daga tebur. Ta sunkuya ɗauka, ta tura wani kwalin cokula da aka cusa a wurin, sai ga shi. Ƙaramin kwali, da takardarsa, da sunan Baba a jiki. Ta daɗe a tsugune tana kallonsa. Abokiyar aikinta ta leƙo ta ce, "Lafiya? Ko kin ga ɓera ne?" Ta ce biro take nema.

Akwai abin da ya kamata ta yi, kuma ta san shi. Ta kira gida ta faɗi gaskiya, ta kai kwalin tasha ta ba direban motar haya, Yaya ya tare shi kafin rana ta faɗi. Har ta ɗauki wayar. Sai ta tuna yadda ta ce "wannan ai aikina ne", ta tuna bakin Yaya, wanda har yau bai bar ba da labarin ranar da ta ƙona tukunyar Mama tana yarinya ba. Ta lissafa a ranta cewa idan kaya suka tafi yau, wataƙila su isa a kan kari. Ta ajiye wayar. Da motar kamfani ta zo, ta miƙa kwalin da hannunta, ta tsaya har ta ji ƙarar na'urar.

Ba a jima ba Baba ya kira, murya cike da murna.

"Ya motsa! An ce an karɓi kaya. Ashe sai yau suka ga dama."

"Kun gani ko," ta ce.

Da shafin ya koma "Yana kan hanya", Baba ya ɗauka mota ce ta kamo titin gidansa. Ya sa Mama ta goge masa rigar taro. A nan Auta ta yi ƙoƙarin faɗin gaskiya, ko da rabi ce. Ta ce masa wannan kalma tana da faɗi. Kaya na iya kasancewa a cikin babbar mota tsakanin gari da gari, suna kuma iya kasancewa a zube a sito ana jiran a ware su, duk "kan hanya" za a rubuta. Sai ya ga "An fita kai shi" ne zai san kwalin ya hau motar da ke zagaya unguwarsu.

"To Allah Ya sa su fita da shi," in ji Baba.

Ranar taro shafin yana nan a kan hanya. Da yamma Yaya ya turo hotuna. Ga Baba a tsakiyar manyan mutane, an rataya masa ƙyalle a kafaɗa, kowa na dariya haƙora a waje, shi kaɗai ya damƙe baki kamar wanda aka yi wa laifi. Jawabin da ya yi ta gwadawa, wani tsohon ɗalibi ya ba ya karanta. Yaya ya ce mutumin ya karanta har da barkwancin da ke ciki ba tare da ya gane barkwanci ba ne, ba wanda ya yi dariya. Auta ta kifa wayar a kan gado. Mijinta ya tambaye ta me ya faru, ta ce kanta ke ciwo.

Sai bayan taro da kwana biyu shafin ya ce "An fita kai shi". Baba ya kira ya tambaya ko yanzu ne. Ta ce galibi a ranar ake kaiwa, amma motar tana ɗauke da kayan mutane da yawa, ba a san ta inda za ta fara ba, ya dai bar wayarsa a kunne. Ya ɗauki kujera ya zauna a bakin ƙofa tun hantsi.

Tana cikin manna wa wani kwali salatif da la'asar sai ga kiran Yaya. Ya sa wayar a sifika, tana jin ƙarar inji a bayansa.

"Yauwa Auta, ga mutumin nan ya iso. Ke da kika san aikin, gaya masa da bakinki tun yaushe kika ba su kayan nan. Dattijo ya yi ta zaman jira, an kunyata shi a gaban ɗalibansa. Na ɗauki lambar motarsa, wallahi sai na kai ƙara ofishinsu."

Ta ji wata murya a gajiye tana cewa, "Ranka ya daɗe, ni yau da safe aka loda min shi. Ku yi haƙuri."

"Haƙurin me? Kullum haƙuri!"

Sai muryar Baba, a hankali, iska na fita ta gefen kalmomin: "Yaro, ba a haka. Abin da aka ba ka amana, ka kai shi a kan lokaci." Baba bai iya faɗa ba, wannan ce iyakarsa, kuma ta san sai ransa ya ɓaci ƙwarai yake faɗin haka. Direban ya sake ba da haƙuri.

"Yaya," ta ce. Bai ji ba, sai da ta ɗaga murya har abokiyar aikinta ta waiwayo. "Yaya, ku ƙyale shi. Ba laifinsu ba ne. Ku duba shafin, ku ga ranar da aka rubuta an karɓi kaya. Ranar na ba su. Kafin nan yana ƙarƙashin teburina, na manta da shi. Da na gan shi kuma na ji kunyar faɗa."

Direban ne ya fara magana, ya ce a taimaka a sa masa hannu, yana da sauran gidaje. Ta ji Baba yana cewa, "Tsaya, ɗana. Ka yafe ni, na yi maka magana a kan abin da ban sani ba." Ya ce wa Mama ta kawo wa bawan Allah ruwa. Auta ta ji dattijon da ya haife ta yana ba wani haƙuri saboda ita, ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ta jira Yaya ya fara, sai kawai ya kashe wayar.

Ta ƙarasa aikin ranar ba ta san me take naɗewa ba. Da ta tashi, ta zauna a kan dakalin bayan shago ta kira Baba. Ya ɗauka, muryarsa ta dawo daidai, kowane harafi a wurinsa.

"Baba, ku yafe min."

"Mantuwa ai ni na fara ta," ya ce. "Ni na bar su a taga. Wannan ba komai. Amma da kin faɗa ranar da kika gan su, da yayanki ya zo ya karɓa. Har cewa ya yi zai zo, na hana shi, na ce Auta ta ce suna hanya."

Ta goge ido da bakin mayafinta.

"Kina ji na?"

"Ina ji, Baba."

"To. Ga uwarki, tana son magana da ke."

Mama ta karɓa. Ba ta ta da zancen ba ko kaɗan. Ta tambayi jikin yara, ta tambaya ko tarin ƙaramin ya lafa, ta ce a daina ba shi ruwan sanyi. Auta ta yi ta amsawa da "to", har motar da za ta kai ta gida ta zo ta wuce ba ta tashi ba.