Yadda Baban Fayil Ya Ci Jarrabawa

Shekara goma sha ɗaya Baban Fayil yana akawu a ofishin kula da ma'aikata na kamfanin sabulu, kuma ƙarin girma ya ƙi zuwa sai da takardar shaida. Shi ya sa ya shiga kwas da furfurarsa. Sau biyu tambaya guda tana kayar da shi: bambanci tsakanin neman ma'aikata, zaɓe, gabatarwa da horo.

A karo na uku matarsa ta sa shi gaba kamar ɗan firamare.

"Maigida, nema?"

"A tallata gurbi, masu so su kawo takardu."

"Zaɓe?"

"A tantance, a ɗauki wanda ya fi dacewa. Gabatarwa a nuna wa sabo wurin, mutane da dokoki. Horo a koya masa aikin kansa. Haba, bar ni in sha ruwa!"

Ranar jarrabawa tambayar ta fito, amma da wutsiya: kawo misali daga yadda aka ɗauke ka aiki. Bawan Allah bai iya ƙarya ba. Ya rubuta cewa tabarau ya kawo wa yayansa da ke aiki a kamfanin, ya tarar ana zagayawa da sabbin ma'aikata, ya bi su don kunyar tambayar hanya. Aka nuna masa banɗaki da ƙofar gudun gobara, aka ba shi kujera, aka koya masa jera fayil. "Don haka," in ji shi, "an gabatar da ni, an horar da ni, amma ba a neme ni ba, ba a zaɓe ni ba."

Ya zo na ɗaya. Malamin, don tsabar jin daɗi, ya aika wa Manaja kwafi.

Manaja ya karanta sau biyu, ya sa aka kira Baban Fayil. "Madalla. Sai mu gyara, a fara daga farko. Kai kaɗai ke da takardar, kai za ka yi."

Haka Baban Fayil ya tallata kujerarsa da hannunsa. Mutum arba'in suka nema, shi ne cikon na arba'in da ɗaya. Ya tantance, ya yi wa kowa tambayoyi, har da kansa, yana tashi yana sauya kujera. Da ya haɗa maki, wata mai jan gyale ta fi shi da ɗaya.

Ya zagaya da ita ranar Litinin. Ya yi mako biyu yana koya mata aiki, kuma wallahi bai ɓoye mata komai ba.

Da ya shigo gida da kofinsa na shayi a leda, matarsa ta riƙe haɓa.

"Maki ɗaya, maigida? Alƙalamin fa a hannunka yake!"

Ya zauna bakin gado, zuciyarsa ta karye, idonsa ya ciko.

"Ta fi ni," ya ce. "Da ma so nake in ga ko sau ɗaya wani zai zaɓe ni."