Cikin da Ba Na Haihuwa Ba

"Ƙirga min 'ya'yan kawai, Auta, ban zo jin wa'azi ba."

Haka yayanta, mai kiwon karnukan gadi, ya faɗa yana ɗora karyarsa Baƙa a kan teburin ƙarfe na asibitinta. Likitar dabbobi ce, amma a wurinsa har gobe yarinya ce. Ta dubi karyar: ido ya faɗa, dasashi ya bushe, ciki kuwa tim kamar ganga.

"Yaushe ta gama jinin barbara?"

"An yi wata da wani abu. An haɗa ta, ta ɗauka."

"Tana shan ruwa da yawa? Amai fa?"

"Mai ciki ai dole. Kwanakin baya wata mugunya tana ɗan zubo mata ta baya, na ba ta maganin ƙwayoyin cuta, ta tsaya cak."

Ta aske cikin, ta shafa mai, ta ɗora na'urar hoto. Babu ɗan kwikwiyo ko ɗaya, sai mahaifa a kumbure, cike da ruwa. Gwajin jini ma ya fito, fararen ƙwayoyi sun yi sama.

"Yaya, mugunya ce fal a mahaifarta. Lokacin da take zuba, bakin mahaifar a buɗe yake, da sauƙi. Yanzu ya rufe, tana taruwa a ciki, gubar tana bin jini. Ba warkewa ta yi ba."

"To yi mata allura."

"Allura ba ta kwashe wannan. Tiyata za a yi yau, a cire mahaifar da ƙwayayen, in ba haka ba ta fashe ko ƙoda ta tsaya."

Kai, sai ya hau. Wai dama tun tuni take son ta lalata masa karya, wai Baƙa kaɗai ta rage masa a wannan irin, wai 'yan boko ba su san komai ba sai wuƙa. Haushi ya turnuƙe ta.

"Kai ka kawo ta nan da maganinka na ka-cici-ka-cici! Ɗauke ta in ka ga dama, amma wallahi kada ka kira ni in ta mutu."

Ya ja igiyar wuyan karyar. Baƙa ta yunƙura, ƙafafun baya suka ƙi, ta sake zubewa. Ya yi tsaki ya saki igiyar ya fita waje.

Sai da Auta ta ƙara wa karyar ruwa sannan ta yanka. Mahaifar ta cika tasa guda, ba ta fashe ba, da kyar dai. Da la'asar ta kira shi ciki ta nuna masa.

"Za ta rayu," in ji ta.

Ko kallon tasar bai yi ba. "Za ta haihu?"

"Har abada."

Baƙa ta ji muryarsa cikin magagin magani, ta fara buga jela a ƙasan keji.

"To riƙe abarki," ya ce. "Ni ba na ciyar da banza."

Ya ja ƙofa da ƙarfi. Auta ta tsaya da tasa a hannu, kuka na neman ƙwace mata, karyar kuwa tana ta ƙoƙarin miƙewa ta bi shi.