Katin da Ba a Sa wa Ja Ba

Oga Saleh mutum ne da ke karanta allon aiki daga bakin ƙofa. Ranar Alhamis da safe ya leƙo ofishinsu na unguwar Kado a Abuja, ya hango jan tambari huɗu a jere, kowanne a kan kati mai sunan Ikrama.

"Hindatu, mutumin nan naki ya tsayar mana da aiki," in ji shi. "Wata ukunsa na gwaji gobe suke cika. Ki rubuto min takardar sallama."

Hindatu ce shugabar masu rubuta manhaja a kamfanin Oga Saleh. Abin da suke ginawa shi ne tsarin tura wa makiyayan gefen Abuja saƙon waya, su san ranar da za a zo yi wa shanu rigakafi, kuma Litinin ake son ya fara aiki. Maganar Oga ta dame ta ƙwarai, don ita ta ɗauko Ikrama, ta kuma san ba malalaci ba ne. Sai ta ja kujera gaban allon ta zauna.

Allon layi huɗu ne: Za A Yi, Ana Yi, Jiran Dubawa, An Gama. Ƙa'idar jan tambari kuwa ita da kanta ta kafa ta. Ana manna shi ne idan aiki ya cije, mai shi ba zai iya ƙarasawa ba sai wani ya kawo masa abin da ba ya hannunsa, kuma dole a rubuta sunan wanda ake jira. Aikin da aka riga aka gama, ana jiran abokin aiki ya duba ya amince, wannan layi kawai yake bi.

Ta bi katunan ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar kanta: in wani cikinmu ya zauna ya duba shi yau, zai motsa? Na farko zai motsa. Na biyu ma haka. Duk huɗun suna ƙarƙashin Jiran Dubawa, kuma da ta buɗe kwamfuta ta tarar Ikrama ya kammala su ya miƙa tun makon jiya. A kusurwar kowane kati akwai harafin mai dubawa, ɗan ƙaramin H da hannunta ya rubuta. Kwana shida tana yawon taro daga wannan ofis zuwa wancan, jaka a kafaɗa, tana jin ita ce mai ɗauke da kamfanin. Kunya ta kama ta.

Har za ta miƙe, idonta ya faɗa kan wani kati a layin Ana Yi, fari fes ba tambari: haɗa manhaja da kamfanin tura saƙonni. Kwanan watan da ke jikinsa ya nuna kwanansa goma sha ɗaya a wurin, alhali aikin yini biyu ne. In babu shi, ko saƙo ɗaya ba zai fita ba.

Ta kira Ikrama.

"Waɗannan huɗun me ya sa ka sa musu ja?"

Ya sunkuyar da kai. "Hajiya, na ga kina ta zirga-zirga. Na ce ko launin zai ja hankalinki."

Ta nuna farin katin. "To wannan fa?"

"Sai sun ba mu lambar shiga tsarinsu. Su kuma sun ce sai an sa hannu a yarjejeniya."

"Wa zai sa hannun?"

Ikrama ya dubi ƙofar ofishin Oga, ya dubi ƙasa. "Na tuna masa sau biyu. Ya ce in sha Allah. Hajiya, ta yaya zan rubuta sunan Oga da ja a bango, kowa na wucewa yana gani?"

Hindatu ta juya ga allon. Lokacin da ta kafa ƙa'idar, ba ta taɓa tunanin nauyin da ta ɗora wa na ƙasa ba. Ta ɓare jan tambarin huɗun, ta manna ɗaya a kan farin katin, ta rubuta: ana jiran sa hannun Oga Saleh, kwana goma sha ɗaya. A saman katunan huɗun kuma ta rubuta sunanta cikakke, da manyan baƙaƙe.

Bayan azahar Oga ya leƙo neman takardar sallama. Ta ce, "Ranka ya daɗe, yau ka daure ka ƙaraso ciki."

Ya ƙaraso. Ya karanta sunanta, ya karanta nasa, ya daɗe a tsaye. Ikrama na can a teburinsa, ya ƙura wa kwamfuta ido ko motsi ba ya yi.

"Ina yarjejeniyar take?" Oga ya tambaya a hankali.

"Tana kan teburinka, ranka ya daɗe."

"Takardar da na ce ki rubuta fa?"

"Ban samu lokaci ba," in ji Hindatu. "Akwai aikin Ikrama guda huɗu da ke jirana."