Bidiyon Maganin Wake

Ranar Talata ce a ƙarshen Agusta, ruwa ya kwana yana zuba har hantsi. Hanyar gona ta caɓe, kowa na majalisar ƙofar gidan Baba Gana, dattijon unguwarmu. Na tsuguna na gaishe shi. Ya amsa bai kalle ni ba.

Tun da na bar makaranta a aji biyu na sakandare na taɓa gyaran waya, na taɓa karen mota, ba wanda na shekara a ciki. Bidiyon gona kaɗai ya zauna min. Ina ɗaukar gonar mahaifina, in nuna tsutsa, in nuna yadda ake sa taki, mutum dubu tara na bina a TikTok. Saboda haka ne Alhaji Abdulkabir, mai shagon kayan noma a Bacirawa, ya ba ni naira dubu ashirin da injin feshi na goyo, in tallata masa maganin ƙwarin wake. Sai da na gwada a kunya huɗu na ga ya yi, sannan na ɗauka. Ƙanwata Humaira, mai karatu a birni, ta nuna min inda ake dannawa, wani ɗan rubutun Turanci ya fito a ƙasan bidiyon yana cewa talla ce da aka biya. Na danna, hankalina kwance.

"Fatihu," in ji Baba Gana, "an ce biyanka aka yi."

"Gaskiya ne, Baba. Ai ban ɓoye ba."

"Wa ka gaya wa?"

Na zaro wayata na sa yatsa a kan rubutun. Shi ma ya laluba aljihu ya fito da tasa, ya ce ɗansa Kassimu ya kunna. Bidiyona ne, muryata ce, amma babu rubutun. Wani ne ya sauke shi ya tura a WhatsApp, ya yi ta yawo har ya iso nan. Ashe rubutun a TikTok yake tsayawa, ba ya bin bidiyo.

"Ko yana nan ma, da wane Turancin zan karanta?" in ji Baba Gana.

Kassimu ya yi dariya. "Sarkin noman waya! Alhajin da kansa ya gaya min da na je sayo wa Baba. Wai ɗan garinku ai yaronmu ne."

Na ce, "Baba, maganin bai yi ba ne?"

"Ya yi mana. Wa ya ce bai yi ba?"

Nan kaina ya ɗaure. Maganin ya yi, ban yi ƙarya ba, na danna abin da aka ce a danna. To ina laifin?

"Mutum goma sha ɗaya na tura shagon nan," Baba Gana ya ce a hankali. "Kowanne na ce masa yaron nan ba ya cin ko kwabo a ciki, don Allah yake yi. Da bakina na faɗa."

Washegari na tsaya cikin wake, laka har idon sawu, na sake ɗauka. Tun kafin in ɗaga kwalbar maganin na ce, "Jama'a, wannan talla ce. Alhaji Abdulkabir ya biya ni dubu ashirin, ya ba ni injin nan." Na kuma danna rubutun.

Kafin La'asar wasu sun rubuto Allah ya yi min albarka. Wasu kuwa suka ce ashe tun can kasuwa nake ci da su. Alhaji ya kira.

"Kai, wa ya ce ka faɗi nawa? Masu bidiyo uku sun kira ni, kowa na son dubu ashirin!"

Na kira Humaira. Ta ce, "Yaya, cewa an biya ka shi ne dole. Adadin kuma kai ka ƙara wa kanka."

"Jiya an ce na ɓoye, yau kuma na faɗi da yawa?"

"Oho dai," ta ce, ta kashe.

Ni na kai wa Baba Gana sabon bidiyon da kaina. Ya kara wayar a kunne ya saurara har ƙarshe.

"To, wannan na ji. Bidiyon tsutsar masara na bara fa?"

"Wallahi wannan ba wanda ya biya ni."

"A cikin bidiyon ka faɗa?"

"Me zan faɗa, Baba? In ce ba a biya ni ba?"

Ya miƙo min wayata. Har yau ban san ko haka ake yi ba, Humaira ma ta ce ba ta taɓa gani ba.

A mako guda mutum ɗari uku da goma sha biyu suka daina bina. Tallar irin albasa da Alhaji ya yi min alkawari ta tafi. Manoma biyu da suka ce in zo in ɗauki gonarsu sun fasa. Baba Gana yana amsa gaisuwata, amma bai ƙara tura kowa shago a kan maganata ba.